Amsoshin Tambayoyinku: Na kwafi jimilla, sai #REF! ta fito

Tambaya: Ni ne ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoma a nan Madarunfa. In na kwafi jimillar kuɗin hatsi daga wani shafin Excel zuwa wani, sai lambobin su ɓace, #REF! ko sifiri ya maye gurbinsu. Wani lokaci kuma ##### nake gani. Mene ne laifina?

Amsa: Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Abin da idonka ke gani a gurbi daban, abin da ke kwance a cikinsa daban. A ce a B2 ka rubuta buhu 12 na gero, a C2 kuɗin buhu sefa 18000, D2 kuma tana nuna 216000. Ainihin abin da ke cikin D2 shi ne:

```
=B2*C2
```

Excel bai haddace sunayen B2 da C2 ba. Abin da ya riƙe shi ne: ɗauki gurbi na biyu a haguna, ninka shi da na kusa da ni. Idan ka manna wannan a A2 na sabon shafi, babu komai a hagun A, shi ya sa #REF! ke fitowa. Idan a D2 na shafin da babu komai ka manna, sifiri za ka samu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne a manna kusa da wasu lambobi, domin zai ninka su ya fitar da jimillar da ba ta da aibi a ido, alhali ƙarya ce, sai ranar taron raba kuɗi asiri ya tonu.

Maganin yana cikin Collage spécial, tunda akasarin kwamfutocin Nijar da Faransanci suke. Maƙwabtanmu na Jibiya da Katsina za su ga Paste Special. Kwafi da Ctrl+C, danna inda kake so, ka buga Ctrl+Alt+V, ka zaɓi Valeurs, wanda a Ingilishi Values ne. Lambar 216000 za ta sauka ita kaɗai. Don ka tabbatar, danna gurbin ka dubi layin da ke saman shafin: in lamba ka gani ba alamar = ba, aiki ya yi.

Sai dai ka sani, lambar ta yanke hulɗa da asalinta. Gobe in kuɗin buhu ya koma 20000 ka gyara C2, wadda ka manna tana nan a 216000. Wannan alheri ne ga rahoton watan da aka rufe, amma kada ka yi shi a kan shafin da kake aiki da shi kullum. Haka kuma Valeurs na tuɓe wa lamba rigarta: ranar 1 ga Janairu 2024 kan fito a 45292, domin Excel ƙidayar kwanaki yake ajiyewa. In akwai kwanan wata a ciki, zaɓi Valeurs et formats des nombres.

Ba ka tambayi Transposé ba, amma za ka buƙace shi. A ce ka jera Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jirataua da Sarkin Yamma daga A2 zuwa A7, jimillarsu a gefe, sai takardar da aka turo daga Maraɗi ta nemi garuruwan a kwance, daga hagu zuwa dama. Ba sai ka sake bugawa ba. Kwafi jerin, je wurin da babu komai, buɗe akwatin Collage spécial, ka sa alama a Transposé da ke can ƙasa. Shawarata ka haɗa shi da Valeurs a lokaci guda, don kada lissafin ya karkace ya nufi gurbin da ba nasa ba. Ka ƙirga gurabu shida a dama tukuna, domin zai danne duk abin da ya tarar. Kuma kwafa za ka yi. In ka yanke da Ctrl+X, waɗannan zaɓuɓɓukan ba za su buɗe ba. Ba ya kuma yarda a manna shi a kan jerin da aka kwafo.

Ita kuwa ##### a nan ba ɓarna ba ce, lambar ce ta fi faɗin layin. Faɗi na dukan layin tsaye ne, ba na gurbi ɗaya ba, shi ya sa manni na yau da kullum ba ya tahowa da shi. Sau biyu za ka manna: na farko Valeurs, sannan, tun ɗige-ɗigen nan masu zagaya abin da ka kwafa ba su ɓace ba, ka sake buga Ctrl+Alt+V ka zaɓi Largeurs de colonnes. Faɗin kawai zai sauya, ba zai taɓa lambobinka ba. Amma sauyin zai bi layin tun daga sama har ƙasa, don haka in akwai wani jadawali a ƙarƙashin wannan, duba shi kafin ka buga takarda. Tsayin layukan kwance ba ya cikin wannan zaɓi, shi da hannu za ka gyara.