Takardar Lodin Jirgin Ruwa da Takardar Kwastan

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, ina so mu dubi takardu biyu waɗanda ɗan kasuwa ba ya iya fitar da kayansa daga tashar jirgin ruwa sai da su. Da yawa cikinmu, in mun koma gida hutu, dangi su kan kawo mana irin takardun nan mu karanta musu, don suna ganin mun yi makaranta. To, karatun Turanci kaɗai bai isa ba, sai mutum ya san abin da kowane layi ya ke nufi.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, ƙofa biyu ke tsare da kaya a Apapa ko Tin Kan, a Ikko. Ɗaya ta kamfanin jirgi ce, mabuɗinta kuwa takardar lodi, wadda a kan rubuta Bill of Lading a samanta, ko B/L a taƙaice. Ɗayar ta Hukumar Kwastan ce, mabuɗinta takardar bayyana kaya. Kamfanin jirgi tambayarsa ɗaya ce, wa zan miƙa wa kayan nan? Kwastan kuwa tambayarsu, mene ne a ciki, nawa ne kuɗinsa?

Bari mu yi misali. Mu ce wani ɗan kasuwa ya sayi fanka ta tsaye katan 600 a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, kowane katan fanka ɗaya, aka zuba su cikin kwantena mai ƙafa 20. Tun kafin a ɗora kayan a jirgi, wajibi ne ya tafi bankinsa a nan gida ya buɗe takardar da a ke kira Form M, ya faɗi irin kayan da yawansu da kuɗinsu, ya haɗa da takardar inshora ta kamfanin Nijeriya. Lambar takardar nan za ta bi kayan har ƙarshe, kuma a kan rubuta ta a jikin takardar lodi.

Da an ɗora kwantenar, sai kamfanin jirgi ya ba mai sayarwa takardar lodi. Aikinta uku ne. Rasit ce, watau shaidar an karɓi kaya. Shaida ce kuma ta sharuɗɗan dako, waɗanda a ke bugawa da ƙananan baƙaƙe a bayanta. Na uku shi ya fi nauyi, takardar tana tsayawa a madadin kayan kansu. Wanda ya ke riƙe da ita bisa ƙa'ida shi za a ba kaya, ko da kuwa ba shi ya je Gwanzu ba. Don haka ne mai sayarwa ba ya sakinta sai an cika masa kuɗinsa. Jirgi ya kan yi fiye da wata guda a teku, a duk kwanakin nan takarda ce dukiyar.

Galibi a kan yi asalinta guda uku, a rubuta yawansu a jikinta. Da an miƙa ɗaya an karɓi kaya, sauran biyun sun mutu. Saboda haka in ɗan kasuwarmu ya biya kuɗi duka, kada ya yarda a aiko masa ɗaya a riƙe biyu, ya nemi dukansu. Hoton takardar da a ke turowa ta waya kuwa ba ya fitar da ko katan ɗaya. Amfaninsa a duba kurakurai ne kawai. Akwai wata hanya da a ke bi yanzu, mai sayarwa ya mayar wa kamfanin jirgi da asalin takardun can ƙasarsu, kamfani ya aiko wa ofishinsa na Ikko umarni a saki kaya ga wane. Hanyar tana da sauri, amma ita ma sai mai sayarwa ya yarda. In kuwa asalin ya ɓace a hanya, kamfanin jirgi ba zai saki kaya ba sai an kawo masa takardar alkawarin ɗaukar hasara, sau da yawa har da lamunin banki, abin da ya kan ci kuɗi da kwanaki.

Gidan da za a fara dubawa shi ne wanda aka rubuta Consignee, watau wanda za a miƙa wa kaya. In sunan ɗan kasuwarmu ne kawai a wurin, shi kaɗai zai karɓa. In an rubuta To order, to, takardar tana iya sauya hannu, mai ita ya sa hannu a bayanta ya miƙa wa wani. Idan banki ne ya tsaya wa cinikin, sunan bankin a kan sa bayan kalmomin nan, kayan kuma suna hannun banki sai ya sa hannu ya saki. Ƙasa da wannan akwai gidan Notify party, wanda za a sanar wa jirgi ya iso. Na sha ganin mutane suna murna sun ga sunansu a nan. Gidan nan ba ya ba mutum mallakar kome, sanarwa ce kurum.

Sa'an nan a dubi lambar kwantena, baƙaƙe huɗu da alƙaluma bakwai, da lambar hatimin da aka kulle ƙofarta da shi. Ranar buɗewa a gwada lambar hatimin da ta takarda tun kafin a yanke shi. In sun saɓa, an buɗe kwantenar a hanya ke nan, ko an yi kuskuren rubutu, kuma lalle a sa ma'aikatan tasha su rubuta haka nan take.

A gidan bayanin kaya za ku ga an rubuta Said to contain. Ma'anarsa, mai sayarwa ne ya ce akwai fanka katan 600, kamfanin jirgi bai ƙirga ba, a rufe ya karɓi kwantenar. In aka buɗe aka tarar da 550, hatimi kuwa lafiya lau, rigimar tsakanin ɗan kasuwa ce da wanda ya sayar masa. Duk da haka a tabbata an rubuta yawan katan ɗin. Dokar Hambog ta dakon kaya a teku, wadda Nijeriya ta mayar dokar ƙasa a 2005, ta ƙayyade iyakar diyyar da mai jirgi zai biya a kan kowane ɗauri ko a kan nauyi. In takarda ta ce katan 600, ɗauri 600 ke nan. In ta ce kwantena ɗaya kawai, sai a lasafta ta ɗauri ɗaya, ɗan kasuwa ya koma neman diyya ta lissafin nauyi, fanka kuwa ba ta da nauyin kirki.

Yanzu mu koma ƙofa ta biyu. Da takardu sun iso, banki zai aika wa kwastan su, watau takardar lodi, da takardar ciniki mai nuna farashi, da jerin abin da ke cikin kowane katan, da takardar ingancin kaya ta hukumar SON, tun da fanka kayan lantarki ce. Kwastan su duba su fitar da rahoton da a ke kira PAAR, wanda aka fara aiki da shi a 2013. A ciki su kan faɗi lambar da kayan suka faɗa ƙarƙashinta da ƙimar da suka yarda da ita. Da rahoton nan ejan mai lasin zai cika takardar bayyana kaya, SGD, a na'ura. Ejan ne ke cikawa, amma maganar ɗan kasuwa ce, in da ƙarya a ciki kayansa za a riƙe.

Kowane irin kaya yana da lamba. Alƙaluma shida na farko ɗaya ne a kusan duk duniya, ƙasashen Afirka ta Yamma kuma suka ƙara huɗu suka zama goma. Ƙaramar fanka ta gida lambarta ta fara da 8414.51, sassan fanka kuwa 8414.90. Lambar ita ke yanke kuɗin fito, wanda tun 2015 matakansa biyar ne, babu kome, ko kashi 5, ko 10, ko 20, ko 35 cikin ɗari. A nan ne wayo ya kan kai mutane ga hasara. Fankar tsaye a warware ta ke zuwa cikin katan, kai daban, ƙafa daban, sai wani ejan ya ce a rubuta sassa ne don a rage fito. Ƙa'idar lambobin kuwa ta ce kayan da ya zo cikakke amma a warware, lambar haɗaɗɗe a ke ba shi. Jami'i ya buɗe katan ɗaya ya ga ba abin da ya rage sai a ɗaura kusoshi, magana ta ƙare.

Ga lissafin. Alƙaluman na misali ne, amma hanyar ita ce. Mu ce kowace fanka dala 20, kuɗin kaya ya zama dala 12,000. Dakon jirgi dala 2,800, inshora dala 200. Kwastan ba a kan kuɗin kaya kaɗai su ke sa fito ba, sai sun haɗa ukun, watau dala 15,000. Mu ƙaddara canjin kwastan a ranar naira 1,500 ne, ƙimar ta zama naira 22,500,000. In fiton kashi 20 ne, naira 4,500,000 ke nan. Sa'an nan harajin sayen kaya, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, shi kuma a kan ƙima haɗe da fito a ke lasafta shi. Kashi 7.5 na naira 27,000,000 shi ne 2,025,000. Jimla naira 6,525,000, kafin a zo kan ƙananan kuɗaɗen da a ke ɗorawa, waɗanda su ma su kan shiga lissafin harajin. Ban sa su ba don su kan sauya. A 2025 ma an yi ta kai da komo a kan wani kashi 4 na kuɗin kaya, aka sa shi cikin Fabrairu, aka dakatar cikin watan. Ejan ya nuna wa ɗan kasuwa takardar kimantawa da ta fito daga na'urar kwastan, kowane kuɗi da layinsa, da rasit na banki. Ejan da ya ce a ba shi kuɗi dunƙule ba takarda, ni dai ba na ba kowa shawarar ya bi shi.

Ku lura, dakon jirgi yana cikin ƙima, don haka duk lokacin da dako ya yi tsada fito ma ya hau, ko da farashin fanka bai motsa ba.

Bayan biya, na'ura ke zaɓa wa kaya hanya. Wasu takardunsu kawai za a duba, wasu a sa su a injin haskawa, wasu a buɗe a ƙirga. A nan ne takardu biyun nan su ke haɗuwa. Tun kafin jirgi ya iso, kamfaninsa ya riga ya ba kwastan babban jerin kayan da ya ɗauko, daga takardun lodi kuwa aka kwafe shi. In takardar lodi ta ce katan 600, takardar ciniki ta ce 650, ko an rubuta sunan kamfanin ɗan kasuwa da kuskuren baƙi ɗaya, sai aiki ya tsaya. Gyaran kuma ba a Ikko kaɗai a ke yinsa ba, sai mai sayarwa ya roƙi kamfanin jirgi can, sa'an nan a nemi kwastan su yarda a gyara jerin. Kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ya bayar kaɗan ne, da sun ƙare kuɗin jinkirin kwantena da kuɗin ajiya na tasha su fara hawa kullum, suna kuma ƙaruwa in an daɗe.

Maganinsa yana can baya, tun jirgi bai tashi ba. Kamfanin jirgi ya kan ba mai sayarwa zayyanar takardar lodi ya duba kafin a buga asali. Ɗan kasuwa ya nemi a turo masa ita, ya shimfiɗa ta kusa da Form M da takardar ciniki da jerin katan, ya bi su da yatsa, suna da adireshi, irin kaya, yawan katan, nauyi, lambar kwantena, da tashar da za a sauke. Tashar ma a duba ta da kyau, gama Apapa daban, Tin Kan daban, Leki daban, kowace da ofishin kwastan nata.