DARASI: Gishiri, Ƙanƙara da Ruwan Lagireto

Karanta wannan bayani da kyau, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Kanada da Rasha, ƙanƙara kan lulluɓe tituna a lokacin hunturu. Hanya ta yi santsi, direba ya taka birki mota ta ƙi tsayawa. Saboda haka ma'aikata kan fita da manyan motoci suna barbaɗa gishiri a kan kwalta, ba da jimawa ba sai ƙanƙarar ta fara narkewa. Gishiri dai ba wuta ba ne, ba shi kuma da ɗumi. To, yaya aka yi yake narkar da ƙanƙara?

Tsantsar ruwa yana daskarewa a digiri sifili na ma'aunin Salshiyas, yana kuma tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, kamar a Legas. Ruwa ya ƙunshi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Idan sanyi ya yi yawa, ƙwayoyin nan sukan jeru sahu-sahu, su riƙe juna tamau. Wannan jeruwa ita ce ƙanƙara. Amma ko da yaushe akwai ɗan danshi a fuskar ƙanƙara, inda wasu ƙwayoyi ke barin sahu suna komawa ruwa, wasu kuma suna shiga sahun. A digiri sifili, masu fita da masu shiga daidai suke.

Da an zuba gishiri, sai ya narke a cikin wannan danshi, ƙwayoyinsa su cuɗanya da na ruwa. Su ba su da gurbi a sahun ƙanƙara, sai dai su rage yawan ƙwayoyin ruwan da ke samun shiga. Masu fita suna nan yadda suke, masu shiga sun ragu, don haka ƙanƙara ta dinga zagwanyewa. Kafin ruwan gishirin ya sake daskarewa, sai sanyi ya zarce na da. Wannan shi ake kira saukar matakin daskarewa. Shi ya sa ruwan teku, mai gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili.

Abin lura shi ne, yawan ƙwayoyin da suka narke shi ke yin aikin, ba irinsu ba. Giram 342 na sukari da giram 58.5 na gishiri adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. Idan aka narkar da wannan sukari a kilo ɗaya na ruwa, matakin daskarewa zai sauka da digiri 1.86. Shi kuwa gishirin, a lissafi, zai saukar da shi da wajen digiri 3.7, wato ninki biyu. Dalili kuwa shi ne, kowace ƙwayar gishiri takan rabu gida biyu a cikin ruwa, ta sukari kuwa ba ta rabuwa.

Bari mu ɗauki misali. A ce sanyin titi ya kai digiri 5 ƙasa da sifili, ana kuma son narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara. Tun da giram 58.5 na saukar da digiri 3.7, kowane digiri ɗaya na bukatar wajen giram 16. Idan muka ninka 16 sau 5, za mu sami giram 80. A aikace akan bukaci ɗan fiye da haka kaɗan. In aka zuba rabin wannan, wani ɓangare ne kawai zai narke. In kuma dare ya yi, sanyi ya ƙaru zuwa digiri 10 ƙasa da sifili, wani ɓangaren ruwan da ya narke zai sake daskarewa, santsi ya dawo.

Ƙarfin gishiri yana da iyaka. Komai yawan wanda aka zuba, ba ya hana ruwa daskarewa idan sanyi ya wuce digiri 21 ƙasa da sifili. Tun ma kafin a kai nan aikinsa yake yin rauni, a ga gishiri zube a kan ƙanƙara, ita kuma tana nan daram. A irin wannan hali akan koma ga wani sinadari mai suna kalsiyam kulorayid, wanda ƙwayarsa ke rabuwa gida uku. Gishiri yana kuma sa ƙarfen motoci da na gadoji tsatsa, yana lalata tsirran gefen hanya.

Wannan tsatsa na daga cikin dalilan da suka sa ba a zuba gishiri a lagireton mota, alhali shi ma yana bukatar kariya. Ruwa yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, ƙarfin kumburin kuwa na iya tsaga lagireto, har da injin kansa. Maimakon gishiri, akan gauraya ruwan da sinadarin hana daskarewa, wanda yawanci etilin gilaikol ne. Idan aka haɗa su rabi da rabi, haɗin ba ya daskarewa sai a wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Wanda ya zuba tsantsar sinadarin da nufin ƙara kariya ya yi kuskure, domin shi kaɗai yana daskarewa tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili.

Ɗalibi na iya tambaya: mu da lagiretonmu ba ya daskarewa a Nijeriya, me ya sa makanikai ke zuba wannan ruwa mai launin kore ko ja? Amsar tana ɗaya gefen ma'auni. Ƙwayoyin da suka narke suna rage yawan ƙwayoyin ruwan da ke tashi su zama tururi, saboda haka sai zafi ya ƙaru kafin ruwan ya tafasa. Wannan shi ne hawan matakin tafasa. Haɗin rabi da rabi yana tafasa a wajen digiri 107. Murfin lagireto, wanda ke matse tururi a ciki, yana ƙara ɗaga matakin har ya haura digiri 120. Ban da haka, akwai maganin tsatsa a cikin haɗin. Sai dai hawan tafasa bai kai saukar daskarewa yawa ba. Gishirin nan giram 58.5 digiri ɗaya kacal yake ƙara wa matakin tafasa, ɗan wanda ake sa wa miya kuwa bai taka kara ya karya ba.

Gargaɗi: etilin gilaikol yana da zaƙi, amma guba ne mai lalata ƙoda. A ajiye shi nesa da yara da dabbobi. Kada kuma a buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Ma'anar Kalmomi

daskarewa: sandarewar ruwa saboda sanyi
zagwanyewa: narkewa sannu a hankali
gurbi: wurin zaman wani abu
tsantsa: abin da ba a gauraya shi da komai ba
daram: ba tare da motsi ko canji ba

Tambayoyi

1. Me ya sa ake barbaɗa gishiri a tituna a Kanada?
2. Don me gishiri ya fi sukari saukar da matakin daskarewa?
3. Giram nawa na gishiri ake bukata don narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara a digiri 3 ƙasa da sifili?
4. Kawo amfani biyu na sinadarin hana daskarewa ga mota a Nijeriya.
5. Mece ce ma'anar "bai taka kara ya karya ba"? Yi amfani da shi a jimla.

Aikin Gida

Sami gutsure biyu na ƙanƙara masu girma ɗaya, ka sa kowanne a faranti. Barbaɗa wa ɗaya cokali guda na gishiri. Bayan minti goma, rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ka gani.