Darasin Kimiyya: Dawowar Ƙwai Bayan Ɓari da Lokacin Fara Tazarar Haihuwa

Ɗalibai, darasinmu na yau ya tsaya a kan tambaya ɗaya da ake yawan yi wa ungozoma a Babban Asibitin Suleja da ƙananan asibitocin Madalla da Maje da Kwamba: matar da ta yi ɓari, yaushe za ta iya sake ɗaukar ciki? Amsar da aka fi ji a cikin gida ita ce sai ta ga al'ada, ko sai ta yi arba'in. Duka biyun kuskure ne, kuma dalilin haka za mu bi daki-daki.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki. Muddin akwai ciki, mabiyiya tana zuba sinadarai a jini waɗanda ke hana ƙwaƙwalwa aika saƙon da ke sa sabon ƙwai ya nuna. Da cikin ya fita, sinadaran nan suna raguwa da sauri, ƙwaƙwalwa kuma ta koma aikinta. Mai jego tana da wani abin da ke jinkirta wannan, wato shayarwa, domin tsotson jariri dare da rana yana danne fitar ƙwai. Wadda ta yi ɓari ba ta da jaririn da zai yi mata wannan aiki. Shi ya sa ƙwai kan iya fita tun daga kwana 8 zuwa 10 bayan ɓarin ƙaramin ciki, yawancin mata kuwa ba sa wuce wata guda. Idan cikin ya haura wata uku kafin ya zube, abin kan ɗan ja, amma har yanzu lissafin makonni ake yi, kimanin huɗu. Jiki bai bambanta cikin da ya zube da kansa da wanda aka zubar ba. Agogon ɗaya ne.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Ƙwai ne ke fara fita, sannan al'ada ta biyo baya da kamar mako biyu idan bai haɗu da maniyyi ba. Wadda ke jiran ganin jini kafin ta fara tazara, ƙwai na farko ya riga ya wuce ta.

Mu ɗauki misali. A ce wata mata a Kwamba ta yi ɓarin cikin mako 9 ranar 1 ga Maris, aka yi mata wankin ciki aka sallame ta. Jini ya ɗauke ranar 7. Ta sadu da maigidanta ranar 10. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, saboda haka idan ƙwai ya fita ranar 14, zai tarar ana jiransa. Al'adar da take sa ran gani wajen 28 ga wata ba za ta zo ba, ita kuma za ta ɗauka jikinta ne bai daidaita ba. Abin da zai ƙara rikita ta shi ne tsinken gwajin fitsari. Ragowar sinadarin tsohon ciki kan sa tsinken ya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan ɓari, don haka a kwanakin nan gwaji ɗaya ba zai raba tsohon ciki da sabo ba.

To yaushe za a fara? A ranar da aka gama kula da ita, kafin ta bar asibiti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, idan aka fara cikin kwana 7 na farko, kariyar ta kama nan take. Ƙwayoyin sha na kullum, da allurar wata uku, har da Sayana wadda ake koya wa mace yi wa kanta, da ashanar da ake sa wa a damtse mai aikin shekara 3 ko 5, duk ana iya farawa a ranar. Ƙwayar da ke haɗe da sinadari biyu ce ke buƙatar a auna hawan jini tukuna, kuma ba a ba mai hawan jini ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da gilmawar haske a ido.

Robar mahaifa tana da nata sharaɗi, shi ne mahaifa ta zama ba kowa a ciki kuma ba ƙwayar cuta. Idan wankin ciki aka yi, ana iya sa ta a zama guda. Idan da maganin misofurostol aka fitar da ragowar, sai an tabbatar komai ya fita. Idan kuwa akwai zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara mai tsanani, ba a sa ta sai an warkar da cutar, a ba matar wata hanyar kafin nan. Wannan ya fi shafar waɗanda aka zubar musu da ciki a ɓoye da kayan da ba su da tsafta. Dokar Arewacin Najeriya ta yarda da zubar da ciki ne kawai don ceton ran uwa, amma kula da mace mai zubar jini aikin asibiti ne ko mene ne sanadin, kuma ma'aikacin da ya tsaya tuhuma yana koya wa mata su kwanta a gida har abin ya ta'azzara.

Mu koma kan matarmu. Da a ce sai ranar 20 ga Maris ta zo, tambayar farko ita ce ko ta sadu da miji tun bayan ɓarin. Idan ba ta sadu ba, a fara mata allura ko ashana, su yi amfani da kwaroron roba ko su ƙaurace wa juna na kwana 7. Idan saduwar cikin kwana 5 da suka wuce ce, akwai ƙwayar gaggawa. Idan ta fi haka daɗewa, ana iya fara ƙwaya ko allura, a maimaita gwajin ciki bayan mako uku zuwa huɗu. Lissafin kwanakin al'ada ba shi da amfani a wannan wata, tunda babu ranar da za a fara ƙirge da ita.

Na san wani zai ɗaga hannu ya ce, ai yawancin masu ɓari ɗa suke so. Gaskiya ne. A 2005 wani taron ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a jira wata 6. Wani bincike da aka yi a Sikotilan aka buga a 2010 ya nuna waɗanda suka ɗauki ciki kafin wata 6 bayan ɓari ba su fi sauran shiga haɗari ba. A ganina halin matar ne ma'auni. Wadda ta zubar da jini sosai har idonta ya yi fari, ko ta yi fama da cuta a mahaifa, ta huta ta sha maganin ƙarin jini. Wadda ta yi cikin da ake kira mai kama da inabi, dole ta jira har likita ya ce sinadarin cikin ya ɓace kuma lokaci ya yi. Wadda ɓarinta ya zo da sauƙi, ita da mijinta su zaɓa. Sai dai a faɗa mata cewa bayan daina allurar wata uku ciki kan yi jinkirin wasu watanni, don haka mai son gajeriyar tazara gara ta ɗauki ƙwaya ko kwaroron roba.

Game da saduwa, a bari jini ya ɗauke. Hukuncin wannan jini wajen sallah da azumi na malaman addini ne. Namu shi ne gargaɗi: jinin da ke jiƙe audugar mata biyu a awa ɗaya, awa biyu a jere, ko zazzaɓi, ko jiri, a koma asibiti nan take.

Aikin gida: wata mata a Madalla ta yi ɓari ranar 5 ga Yuni, ta zo ranar 16 tana son ashana. Ku rubuta tambayoyin da za ku yi mata, da kwanakin da za ta buƙaci ƙarin kariya, ku kawo ranar Litinin.