Yadda ake raba folinomiyal a layi uku

Shekarar da na fara koyar da lissafi a babbar sakandare, rabin allo nake cinyewa kafin in raba folinomiyal guda ɗaya da doguwar rabawa. Wani dattijon malami da muke zama ofis ɗaya ya leƙo ajin wata rana, ya ga alli ya yi mini fari har gwiwar hannu. Da muka fito sai ya ce, "Malam, kana ta rubuta x, alhali x ba ya yin komai a wurin." Ya zaro takarda ya yi aikin a layi uku. Wannan ita ce gajeriyar rabawa, wadda littattafai ke kira rabawar sintetik, wasu kuma su ce dokar Ruffini, domin Paolo Ruffini, wani masanin lissafi ɗan Italiya, shi ya bayyana ta a farkon ƙarni na 19.

Ga yadda take. A ce za a raba 2x³ − 3x² − 11x + 6 da x − 3. Sai ka ajiye x gefe, ka kwashe lambobin da ke gabansa ka jera su: 2, −3, −11, 6. A hagu ka rubuta lambar da za ta mayar da mai rabawa sifili, wato 3. Ka sauko da lambar farko ƙasa yadda take. Ka ninka ta da 3, ka sa abin da ka samu a ƙarƙashin lamba ta biyu, ka tara su. Abin da ya fito ka sake ninka shi da 3, ka tara da ta gaba, haka har ƙarshe.

```
3 |  2   -3   -11    6
  |       6     9   -6
  ----------------------
     2    3    -2    0
```

Lambar ƙarshe ita ce saura, ga ta nan sifili. Sauran ukun su ne amsa, sai dai darajar x ta sauka da mataki ɗaya: mun fara da x³, amsa za ta fara da x². Wato 2x² + 3x − 2. Tun da babu saura, x − 3 ya raba shi tsaf.

Abin da ya fi burge ni tun ranar farko shi ne babu ɗebewa ko ɗaya. A doguwar rabawa, wurin ɗebe lamba mai alamar ragi daga wata mai alamar ragi ne yara ke zubewa. A nan an riga an juya alamar tun a bakin ƙofa, lokacin da aka rubuta 3 maimakon −3, don haka tarawa kawai ta rage. Amma fa juyawar sai an yi ta da ido buɗe. Idan mai rabawa x + 2 ne, −2 za ka rubuta.

Wani ramin kuma shi ne gurbin da babu kowa. Ɗauki x⁴ − 5x² + 4, a raba da x + 2. Babu x³, babu x shi kaɗai, to dole a ajiye musu sifili a mazauninsu: 1, 0, −5, 0, 4. Da −2 a hagu, layin ƙasa zai ba da 1, −2, −1, 2, 0. Yaron da ya yi gaggawa ya jera 1, −5, 4 kawai, saurarsa 18 za ta fito. Ana gane kuskuren cikin sauƙi, domin saura daidai take da abin da za ka samu in ka sa −2 a madadin x: 16 − 20 + 4, sifili ke nan. Kafin in fara, nakan ƙirga lambobin. In babbar daraja 4 ce, lambobi biyar nake nema.

Inda ake gane wanda ya fahimci abin da wanda ya haddace shi, shi ne idan x ɗin mai rabawa yana da lamba a gabansa. An gina hanyar ne a kan x − c, x tsirara. To a ce an ba ka 2x³ − 3x² − 11x + 11, a raba da 2x − 1. Lambar da ke mayar da 2x − 1 sifili ita ce ½, kuma aikin zai tafi lafiya lau:

```
1/2 |  2   -3   -11   11
    |       1    -1   -6
    ----------------------
       2   -2   -12    5
```

Yawancin ɗalibai nan suke ajiye biro, su rubuta 2x² − 2x − 12, saura 5. Amsar ta yi kyau a ido, amma ta wata tambaya ce. Abin da ka raba da shi x − ½ ne, shi kuwa 2x − 1 ninkinsa biyu ne. In an ninka masu karɓar rabo, kason kowa rabi zai koma. Don haka sai ka raba 2, −2, −12 da 2, amsa ta zama x² − x − 6. Saura kuwa ba a taɓa ta, tana nan 5. Na sha ganin yaro mai ƙwazo ya raba layin gaba ɗaya ya kawo 2½, yana ganin adalci ya yi. Saura ba ta cikin abin da aka raba, ita ce ta rage a ƙasan kwano, kuma ko da x − ½ ka raba ko da 2x − 1, abin da ya rage ɗaya ne.

Ina da gwaji na daƙiƙa goma da nake koya wa kowane aji. Sa 1 a madadin x. Abin da aka raba zai ba da 2 − 3 − 11 + 11, wato −1. Mai rabawa ya zama 1, amsa ta zama −6, ka ninka su ka ƙara saura 5, sai ga −1, sun dace. Da ka bar 2x² − 2x − 12, da −7 za ka samu, ka san akwai gyara.

Idan mai rabawa yana da x², lamba ɗaya a hagu ba za ta wadatar ba. Wani lokaci akwai ƙofar baya. Misali x² − x − 6 yana fashewa zuwa x − 3 da x + 2, sai ka yi rabawar sau biyu. A misalinmu na farko mun samu 2, 3, −2. Ka bi ta kansu da −2, ka samu 2, −1, 0, wato 2x − 1. Wannan yana da daɗi ne in duka biyun ba su bar saura ba. In sun bari, sai ka ninka saura ta biyu da x − 3, ka ƙara ta farko, kafin ka samu ta gaskiya, kuma a nan ne ake mantuwa.

Shi kuwa x² + 1 ba ya fashewa a lambobin da muka saba da su. Akwai faɗaɗɗiyar hanya mai layuka da yawa da ke ɗaukar irinsa, na gwada ta a aji sau ɗaya, na ga ruɗanin da take kawowa ya fi allin da take ragewa. Tun daga ranar, in na ga x² + 1 a matsayin mai rabawa, sai in share allo in koma doguwar rabawa.