Yadda Likita Zai Sanar Da Iyali Rasuwar Majinyacinsu

A cikin masu sallah tare da mu akwai likitoci, kuma sau da yawa a bakinsu ake fara jin labarin mutuwa. Bari mu ɗauki misali guda: dattijo ne aka kawo da shanyewar ɓarin jiki, ya kwana uku a asibiti, ya cika kafin asuba, babban ɗansa da uwargidansa suna zaune a waje.

Likita ya fara tabbatar da sunan mamacin da dangantakar masu jira. Sa'an nan ya shigar da su ɗaki, ya zauna, domin ba a faɗin wannan magana a tsaye bakin ƙofa. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce: "Alhaji, Hajiya, ni na duba Baba a daren nan. Me aka gaya muku game da jikinsa?" Daga amsarsu zai gane inda zai ɗora.

Sai ya ce: "Labarin da nake ɗauke da shi mai nauyi ne. Wajen ƙarfe huɗu numfashinsa ya tsananta, zuciyarsa ta tsaya. Mun yi ƙoƙarin farfaɗo da ita, ba ta tashi ba. Allah Ya yi wa Baba rasuwa."

A nan ne muka ga ana yawan kuskure. Wani, don tausayi, sai ya ce "Baba ya huta" ko "jiki ya yi tsanani, sai haƙuri". Mai jinyar da ya kwana uku bai runtsa ba yana iya ɗauka barci ake nufi, ya tashi neman kunu, sai a sake karya masa zuciya karo na biyu. Kalmar rasuwa dole ta fito, a fili, da murya mai taushi.

Bayan ta fito, likita ya yi shiru. Ya yi istirja'i tare da su, kada ya hana su hawaye. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Za su tambaya: "Ya sha wahala? Ya samu kalmar shahada?" Kada ya ƙaga abin da bai gani ba. In dattijon a sume yake, ya ce: "Bai farfaɗo ba tun jiya, ban kuma ga alamar yana jin zafi ba," in haka ɗin ne. In ɗan ya ce da ma sun kawo shi da wuri, wannan ba lokacin tuhuma ba ne, ya ce: "Kun tsaya masa, Allah Ya saka muku."

Kafin a shigar da su su gan shi, a cire robobi da allurai, a rufe masa idanu, a ɗaure haɓa, a lulluɓe shi. Daga nan likita ya gaya wa ɗan inda zai karɓi takardar shaidar rasuwa da lokacin da za a ba su gawa, don su sanar da liman sa'ar jana'iza.