Kafin Ku Sa wa Yaro Ƙarin Ruwa: Abin Yi da Abin Bari

Ku 'yan shekarar farko da za a tura koyon aiki asibitocin Agiye, Gazawa da Gidan Runji, ku sani yaron da za ku fi gani da damina shi ne mai zawo, kuma sau da yawa tamowa na tare da shi. A kansa ne za a san ko kun fahimci daidaiton ruwa da gishirin jiki.

Ku riƙe tushen abin. Sodiyam yana zaune ne a jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki, kuma duk inda ya yi, ruwa na bin sa. Fotasiyam kuwa a cikin ƙwayoyin yake, shi ke daidaita bugun zuciya da ƙarfin tsoka. Zawo na kwashe su duka biyun. Shi ya sa ruwan sha zalla ba ya mayar da abin da ya fita.

Kada ku ba da komai kafin ku ɗora yaro a sikeli, ku auna dantsensa, ku danna bayan ƙafafunsa biyu. Dantsen da bai kai milimita 115 ba, ko kumburi a ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani, kuma daga nan lissafi ya sake gaba ɗaya.

Ga yaro ɗan shekara 2 mai kilo 10, ba shi da tamowa. Idanunsa sun faɗa, yana rigima, yana shan ruwa da haɗama. Wannan SRO za a ba shi, mililita 75 kowane kilo, wato mililita 750 cikin awa 4, da cokali ko ƙaramin kofi. In ya yi amai, ku jira minti 10 ku ci gaba a hankali. Kada uwa ta daina ba shi nono, kada kuma a sallame shi ba zinki. Sai in ya galabaita har ya kasa sha za a nemi jijiya: Ringa laktat mililita 300 cikin rabin awa, sannan 700 cikin awa 2 da rabi.

Kada ku yi wa mai tamowa wannan lissafin. Ga sa'ansa mai kilo 6, dantse ya shiga ja. Idanunsa a faɗe suke tun kafin zawon, fatarsa kuma dama ba ta komawa da sauri in an tsungula, don babu kitse a ƙarƙashinta. Alamun da kuka haddace za su ruɗe ku a nan. Ku tambayi uwar: "Inna, yaushe zawon ya fara? Kamar ruwa yake? Idanun nan jiya suka faɗa, ko dama haka suke?" Amsarta ta fi tsungular fata amfani.

Jikin wannan yaro ya tara sodiyam fiye da kima, fotasiyam ya yi masa ƙaranci, zuciyarsa kuma ta yi rauni. Ledar ƙarin ruwa guda da aka sake wa gudu na iya cika masa huhu ta kashe shi. Nasa Risomal ne, wanda sodiyam ɗinsa ya gaza na SRO, fotasiyam ɗinsa kuma ya ninka. Ana ba da mililita 5 kowane kilo, wato mililita 30 duk rabin awa har awa 2, ta baki ko ta tiyon hanci. Bayan nan a riƙa musanya shi da madarar F-75. Jijiya sai in ya shiga halin suma, hannuwa sun yi sanyi, bugun jini ya raunana, shi ma da umarnin likita.

Kada ku bar gefen gadon. Duk rabin awa ku ƙirga numfashi da bugun jini, ku rubuta. In numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugun jini da 25, ko fatar ido ta kumbura, ko jijiyar wuya ta cika, ku tsayar da Risomal nan take ku kira na gaba da ku. Ruwa ne ya yi yawa.

Kwalara kuwa tana karya dokar Risomal. Ta ɓarke a Madarunfa a 2018, ta sake dawowa jihar Maraɗi a 2021. Zawonta mai kama da ruwan wankin shinkafa yana kwashe sodiyam sosai, don haka ko mai tamowa SRO ake ba shi, ba Risomal ba.

Kada ku taɓa tura fotasiyam cikin jijiya da sirinji, ko wa ya ce ku yi. Yana tsayar da zuciya cikin mintoci. A ledar ƙarin ruwa ake gauraya shi, a jijjiga sosai, ya ɗiga a hankali, kuma sai an tabbatar mara lafiya na fitsari.