DARASIN YAU: ME YA SA CIKI KE LALACEWA BAYAN SHAN ANTIBAYOTIK?



Sau da yawa mutum zai fara shan amoksisilin, kwana biyu sai zawo. Ga dalili.

A babban hanjinmu akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Su ke sarrafa dusar abinci, irin ta wake da ganye, su fitar da sinadaran da ke taimaka wa hanji ya tsotse ruwa, bayan gida ya yi kauri. Antibayotik kuwa ba ya tantancewa, mugu da nagari duk kashewa yake. Idan nagarin suka ragu, sai ruwa ya taru, bayan gida ya tsinke.

Furobayotik ƙwayoyi ne masu rai da ake sha, kamar Laktobasilus da ke cikin kindirmo da yogot. Masana na ganin suna tare wa miyagun ƙwayoyi wurin zama, suna fitar da tsamin da ke hana su yaɗuwa, suna kuma zaburar da garkuwar jiki da ke bangon hanji. Amma galibinsu baƙi ne, in an daina sha sai su wuce.

*A kiyaye:*
• A bar tazarar awa 2 tsakaninsa da antibayotik.
• Kindirmon ya zama na madarar da aka tafasa.
• Mai raunin garkuwar jiki da bakwaini, sai da izinin likita.
• Yaro mai zawo, ruwan gishiri da sukari ne kan gaba.
• In an ga jini ko zazzaɓi, a tafi asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.